Inda na kai da tambayoyin "me manajan aiki zai fara yi" a shirin PMP

Yan uwa masu shirin PMP, jarrabawar shaidar ƙwarewa ta manajojin aiki, barkanmu da ƙoƙari, ga inda na kai a wannan zangon. Na ɗan ajiye lissafe-lissafe gefe na koma kan tambayoyin nan masu labari, waɗanda za a ba ka wani yanayi a layi huɗu ko biyar sannan a ce me manajan aiki zai fara yi, ka duba amsoshi huɗun ka ga uku daga ciki duk abu ne da mutum mai hankali zai yi, wani lokaci ma duka huɗun. A tsarin da PMI, cibiyar da ke shirya jarrabawar, ta fara a Janairun 2021 tambaya 180 ce cikin minti 230, wato kowace tambaya ba ta kai minti ɗaya da rabi ba, toh kun ga babu lokacin da mutum zai zauna yana muhawara da kansa a kan kowacce.

Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne, wannan tambayar ba wai tana neman wanne ne daidai ba, tana neman ka gane a ina labarin ya tsaya. Akwai jerin matakai a bayan kowace irin wannan tambaya, mai rubutawa ya yanke labarin a wani mataki, amsa kuma ita ce matakin da ke biye wanda ba a riga an yi ba. Sauran amsoshin da ke ruɗa mu galibi matakai ne na gaskiya amma na can gaba, in ka ɗauke su ka riga malam masallaci, ko kuma na baya ne da labarin ya riga ya ce an yi.

Bari in kawo misalin da na ƙirƙira nake ta juya shi. Ana gina wa wani kamfani manhajar biyan albashi, aiki ne irin wanda aka tsara komai tun farko aka sa hannu, an ci fiye da rabi. Sai shugabar sashen kuɗi ta kamfanin ta samu manajan aiki ta ce tana so a ƙara wani rahoto da babu shi a abin da aka amince. Amsoshi: na ɗaya a kai buƙatar gaban kwamitin da ke amincewa da sauyi, wanda za ku gani a rubuce CCB. Na biyu a zauna da ma'aikata a duba me ƙarin zai taɓa a lokaci da kuɗi da inganci. Na uku a gyara jadawali da kasafi su ɗauki sabon aikin. Na huɗu a sanar da mai ɗaukar nauyin aikin.

Duk huɗun nan wlh za a iya yin su kafin a gama da maganar, shi ya sa take cin mutane. Amma ka tambayi kanka, in na shiga gaban kwamiti yanzu me zan faɗa musu? Tambayar farko da za su yi ita ce kwana nawa zai ci, nawa zai ci, kuma ba ka da amsa. Kwamiti ba ya yanke hukunci a kan iska. Mai ɗaukar nauyi ma in ka kira shi tambayar da zai yi kenan. Gyara jadawali kuwa shi ne mafi nisa, domin tsarin da aka sa wa hannu ba a taɓa shi sai an amince da sauyin, wannan yana cikin matakin Perform Integrated Change Control a bugu na shida na PMBOK, littafin jagora na PMI, wanda ya fito a 2017. Saboda haka ta biyu ce ke zuwa farko, ita kaɗai ce ba ta jiran komai, sauran ukun kowacce tana buƙatar abin da ita za ta samar.

Wannan gwajin shi ne ya fi yi min amfani a duk abin da na gwada: in amsoshi biyu suka rage, sai in ce shin zan iya yin wannan ba tare da na yi waccan ba? Wadda ba ta yiwuwa sai da ɗayar, toh ba ita ce farko ba.

Kuma dubawar nan ba kalma ce kawai ba, tana da abin da take fitarwa. A ce ma'aikata sun ce rahoton zai ci kwana 8, kuma aikin da za a liƙa shi a kai yana da rarar kwana 5 kafin ya fara tura ranar kammalawa, kenan ranar miƙa aiki za ta matsa da kwana 3. Yanzu kana da magana, ka rubuta buƙatar sauyi da wannan lissafin a ciki, da zaɓi ma in akwai, ko a ƙara mutum ko a jinkirta rahoton zuwa bayan miƙawa.

Toh ga inda atisayen ya fara daɗi. Na daina wuce tambaya da zarar na samu amsarta, yanzu ina canza jimla ɗaya a labarin in bar amsoshin yadda suke in ga ina amsar za ta koma. In labarin ya ce ma'aikata sun riga sun duba sun gano za a makara da kwana 3, ta biyu ta mutu kenan, an yi ta, amsa ta koma ta ɗaya, a kai kwamiti. Nan ne masu haddace "kullum a fara da bincike" suke faɗuwa, domin za su sake zaɓar a duba abin da aka riga aka duba. In labarin ya ce kwamiti ya amince, amsa ta koma ta uku, a gyara takardu da jadawali a sanar da waɗanda abin ya shafa sannan a aiwatar. In kuma ya ce kwamiti ya ƙi, babu abin da za a gyara a jadawali, a rubuta hukuncin a kundin sauye-sauye a faɗa wa wadda ta nema, shikenan. Ta huɗu fa, yaushe take cin zaɓe? Sai labarin ya nuna abin ya fi ƙarfin ikon manaja, misali sauyin zai rusa dalilin da aka fara aikin dominsa, ko ana buƙatar kuɗin ajiya na shugabanni wanda manaja ba shi da ikon taɓawa shi kaɗai. In babu irin wannan alamar, kai ƙara sama da wuri yana nuna manajan ya tura wa wani aikinsa ne. Tambaya ɗaya ta zama biyar kenan, kuma ni dai na fi ƙaruwa da haka fiye da in yi sababbi biyar a guje.

Akwai wani wuri da nake ganin mutane na jayayya, wai shin rubuta buƙatar sauyi ne farko ko duba tasiri. Gaskiya a wurin aiki abin yana cakuɗewa, wasu kamfanonin sai an shigar da buƙata a rubuce sannan a ba wani ya duba. Ni yadda nake rabawa, ina karanta amsar har ƙarshe. In ta ce a rubuta buƙatar a shigar da ita don a duba, wannan farkon layi ne. In ta ce a miƙa don a amince, wannan yana bayan dubawa. Rabin jimlar ƙarshe ne ke nuna matakin, kuma shi ne ido ke tsallakewa in lokaci ya fara ƙurewa.

Sai abu na biyu da ke sauya amsa gaba ɗaya, wato wane irin aiki ne. Ɗauki labarin nan dai amma a ce ma'aikatan suna aiki ne zango-zango na mako biyu, akwai mai samfur, akwai jerin ayyukan da ke jira. Da ka ga waɗannan alamun ka san ajayil ne, kuma a nan babu kwamiti a kan hanya, buƙatar shugabar kuɗi za ta tafi wurin mai samfur ne, shi ke da alhakin jera abin da ke gaba da abin da ke baya. Amsar da ta ce a kai CCB tana nan daram a cikin zaɓin don ta kama wanda bai lura ba, haka ma wadda ta ce a cusa rahoton cikin zangon da ake ciki don a faranta wa mai nema. Shi ya sa kafin in nemi inda labari ya tsaya nake fara tantance wane jerin matakai ne ma ake kai, tunda kusan rabin tambayoyin wancan tsarin na 2021 ajayil ne ko gauraye.

Iyakar wannan dabara kuma, don kada wani ya ɗauka ko da yaushe dubawa ce farko. In labarin ya ce wani abu ya faru, misali mai kawo kaya ya makara, kuma an riga an hango shi an rubuta a rajistar haɗura tare da matakin da za a ɗauka, toh tunanin an yi shi tun tuni, abin da ya rage a aiwatar da matakin da aka tsara, ba a sake kiran taro ba. Idan kuma ba a hango shi ba, nan ne ake shigar da shi kundin matsaloli a duba tasirinsa. Sannan in akwai rai a cikin haɗari, a ce wani gini na neman ruftawa kan ma'aikata, ba wanda zai ce ka buɗe takarda, a tsayar da aiki a fitar da mutane, rubutu ya biyo baya. Dalilin duk ɗaya ne, dubawa tana zuwa farko ne saboda ba ka da bayanin da za ka yanke hukunci da shi, in bayanin yana hannu ko jira zai jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa, dalilin ya faɗi.

Wani ɗan abu da na ƙara a yadda nake karantawa, ina fara duba jimlar ƙarshe kafin labarin. In na ga FIRST ko NEXT na san jeri ake tambaya. In kuwa tambayar ta ce me ya kamata a ce an yi don kada hakan ta faru, toh baya za a koma, amsar tana cikin tsarawa ne, kamar a ce da an gano shugabar kuɗin nan tun farko an tattara buƙatunta, kuma duk amsoshin gyara na yanzu komai kyansu ba su ake nema ba.

A littafin atisayena yanzu kowace tambaya irin wannan layi uku nake rubuta mata: wane irin aiki ne, me labarin ya ce an riga an yi, sannan kowace amsa da na bari gaba take ko baya. Wanda ya fi ba ni aiki har yanzu shi ne na rikicin mutane, inda ma'aikata biyu ke faɗa kuma amsoshin su ne a gana da su, a duba yarjejeniyar da ma'aikatan suka rubuta wa kansu, ko a kai wa shugabansu, domin a can jerin bai fito fili kamar na sauyi ba. Shi zan sa a gaba a zango mai zuwa in sha Allah, da wannan salon na canza jimla ɗaya.