Ƙwallon kwamfuta a shagunan caca na Nima: an gama wasan tun kafin a busa usur

Na daɗe ina buga cacar ƙwallon kwamfuta a shagunan Nima da Mamobi da ke birnin Accra na Ghana, ina rubuta sakamako a littafi ko zan gano salon da injin yake bi. Abin da na gano shi ne, babu wasan da ake bugawa. Wata manhaja da ake kira RNG ce take zaɓo lamba da ka, lambar ta yanke sakamako, sannan a harhaɗa hotunan bidiyo da suka dace da shi a nuna maka.

Ɗauki wasa ɗaya. Allo ya ba mai gida 2.00, kunnen doki 3.20, baƙo 3.60, wato ninkin kuɗinka da za a biya ka in ka canka daidai. Raba 100 da kowanne, za ka samu 50 da 31.25 da 27.8, jimilla 109. Wannan tara da ta hau kan ɗari, a nan kamfani yake cin abinci. In an cire ta gwargwadon girman kowanne, ainihin rabon shi ne 46 da 29 da 25. Wato kamar a zuba ƙuri'a ɗari a ƙwarya: 1 zuwa 46 mai gida ya ci, 47 zuwa 75 kunnen doki, sauran na baƙo. Kowane wasa sabuwar ƙwarya ce, injin bai san abin da ya fito ɗazu ba. Shi ya sa maganar da samari ke yi, "Abokina, sau biyar ke nan ba su ci ba, yanzu dole su ci", ba ta da tushe.

A wannan lissafi, duk sidi 100 da ka zuba, kusan 92 ne ke dawowa in an daɗe ana yi. Ba ya kama da asara mai yawa sai ka tuna da sauri. Inda ake sabon wasa duk minti uku, wasa ashirin ke nan a awa. Sidi biyar-biyar ya zama ɗari. Haɗa wasa biyar a tikiti ɗaya kuwa, ribar kamfani takan hau kan juna, abin da ke dawowa ya sauka kusan 65. Masu ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa sun fi shan wuya: 5, 10, 20, 40, 80, 160, sidi 315 sun tafi cikin minti goma sha takwas, ana bin ribar sidi biyar.

Abin da ke ruɗar mutum shi ne kwalliyar. Ga ihun 'yan kallo, ga mai sharhi, ga rigunan da suka yi kama da na kulob ɗin da ka sani, ga teburin gasa. Ƙwallo ta bugi turke a minti na ƙarshe, shago ya ɗauki "kash!", alhali wannan bugun hoto ne da aka ɗauko bayan an yanke sakamako. Babu ɗan wasan da ya ji ciwo, babu kocin da ya sauya dabara, don haka sanin ƙwallonka na gaske ba ya aiki a nan.

Lasisin Hukumar Kula da Caca ta Ghana, wadda dokar 2006 ta kafa, yana nufin an yarda kamfani ya yi aiki. Bai taɓa waccan tara da ta hau kan ɗari ba.