Ja ko baƙi

Shekara 3 ke nan da rasuwar maman yara, Allah Ya jiƙanta. Tun bayan sadakar arba'in Yaya Babba take yi min maganar aure. Watan jiya ta kawo min zancen wata bazawara, malamar firamare, ta ce in ba ta amsa kafin Juma'a.

Daren Laraba barci ya gagare ni. Na ɗauko tsohuwar kartar da na ƙwace a hannun babban ɗana. Ganye 52 ne, ja 26, baƙi 26, ba wanda ya rinjayi wani. Na ce idan ja ya fito zan yi aure, idan baƙi ne na haƙura. Na cakuɗa, na zaro ɗaya. Baƙi.

Na ce ai ban cakuɗa da kyau ba. Na sake zarowa, baƙi. Ina cikin cakuɗawa ta uku na kama kaina. Da ja ne ya fito tun farko, wallahi da tuni na kashe fitila.

Bayan sallar asuba na ba limamin unguwarmu labari. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙanin azlamu ne, kiban da Larabawan jahiliyya ke zarowa kafin tafiya ko aure. Suratul Ma'ida ta hana. Yi raka'a 2 ta istihara, sannan ka tambayi 'ya'yanka."

Istiharar na yi. Tambayar yaran ce har yau nake ɗagawa, musamman autar, wadda har yanzu da zanen uwarta take lulluɓa.