Tsagar da ta dawo bayan na toshe ta

Ɗaki biyu na ƙara a bayan gidanmu na Aboabo, nan Kumasi. Aka yi filasta cikin hunturu, kafin wata guda bangon falo ya cika da siraran tsaga kamar yanar gizo-gizo. Da damina ta kankama a watan Yuni sai ga wata a ɗakin baya, daga kusurwar taga ta gangara a karkace zuwa ƙasa. Ni duka ɗaya na ɗauke su. Na kwaɓa siminti na toshe, na shafa fenti. Ta falo ba ta sake motsi ba. Ta ɗakin baya kuwa mako 6 kacal ta dawo, har ta fi da faɗi.

Sai na ɗauko wani dattijon birkila da muke masallaci ɗaya. Ya kankare filastar falo da ƙusa, bulo lafiya ƙalau a ƙarƙashi. Ya ce, "Ɗana, wannan ƙishirwa ce. Iskar hunturu ta shanye ruwan filasta kafin siminti ya kama, ya tsuke ya tsage. Iyakarta fata."

A ɗakin baya ya daɗe. Tsagar tana bin layin bulo hawa-hawa kamar matakala, sama ta fi ƙasa buɗewa. Ya zagaya da ni waje, ga ta nan daidai wurin, wato ta ratsa bangon gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko tagar tana cijewa. Tana yi, ni kuwa kafinta nake ta zagi a banza.

Bai yarda a taɓa komai ba tukuna. Ya ɗana ɗan siririn gilashi a kan tsagar, ya manne bakinsa biyu da siminti a jikin bulo, ba a kan filasta ba, ya rubuta kwanan wata da fensir. Faɗinta milimita 4 a ranar. Bayan mako 3 gilashin ya tsage: ƙasa tana ci gaba da zama ke nan.

Dalilin yana sama da kanmu. Ruwan kwano duka a wannan kusurwar yake zuba, kuma wurin tsohon rami ne da aka cike da ƙasa ba a daddage ba. Muka fara da kawar da ruwan, aka sa indararo da kwata mai siminti. Sannan aka haƙa ƙarƙashin fandisho har aka taras da ƙasa mai tauri, mita ɗaya-ɗaya, ana tsallake na kusa. Sai kankaren rami ɗaya ya yi ƙarfi a buɗe maƙwabcinsa. Wanda ya haƙe duka lokaci guda, bangon zai sauko masa.

Sabon gilashi muka sa, muka jira ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba ta wuce. Da bai tsage ba, aka sassaƙe layin bulo, aka kwantar da guntayen rodi suna ƙetare tsagar, aka cike da siminti. Wanda na toshe da farko, shi aka fara ɓamɓarewa.