Ranar da "ɗari" ya ƙi zama a ƙarshen ɗango

A hunturun bara na zauna rubuta waƙa a kan 'yan dakon kasuwar Farin Gada, waɗanda ke tashi cikin dare su tari motocin tumatir da kabeji, sanyin Jos na ratsa su har ƙashi. Na ɗora ta bisa karin Mutaƙarabi, ɗaya daga cikin karuruwa 15 da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kafin a ƙara Mutadaraki su cika 16. Ƙafarsa ita ce fa'ulun: gaɓa marar nauyi ɗaya, sai masu nauyi biyu. Ana jera ta sau huɗu a ɗango, ni kuwa na gutsure gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta huɗu, abin da masana aruli, wato ilimin awon waƙa, ke kira hazfi.

Wanda ya fara koyon awon waƙa a ajin Turanci yakan zo yana neman inda murya ke danna kalma da ƙarfi, don da wannan ake auna waƙar Ingilishi. Hausa ba ta tafiya a haka. Abin da ke karo da kari a wurinmu shi ne nauyin gaɓa. Baƙi da gajeren wasali, kamar "da", gaɓa ce marar nauyi. Baƙi da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar "sai", ko gaɓar da baƙi ya rufe kamar "bin", duk masu nauyi ne. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka ido ba ya taimakon mai awo ko kaɗan.

Ɗangon farko ya zo mini lafiya lau:

Dare ya yi, iska tana bin gari

Idan aka yanka shi, ana ninka dogon wasali don a gan shi, sai ya zama: da-ree-yaa / yi-is-kaa / ta-naa-bin / ga-rii. Kowace ƙafa ta fara da gajeriya, babu inda harshe ya yi tuntuɓe. Sai na nemi ɗango na biyu mai amsa-amon "ri", kuma wace kalma ce za ta fi "ɗari" dacewa a waƙar sanyi?

Mutane suna can suna jin ɗari

A takarda, "gari" da "ɗari" kamar an tsaga kara. Amma da na rera shi gaban wani dattijo da muke zama da shi bayan la'asar a wajajen Bauchi Road, wanda ya yi karatun aruli a zaure, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ɗari nawa suke ji? Ɗari biyu ko ɗari uku?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai sanyi nake nufi." Ya ce to ba shi na faɗa ba.

Gaskiyarsa. Ɗarin sanyi ɗaa-rii ne, gaɓa biyu masu nauyi. Gurbin da na tura shi kuwa gajeriya yake nema a farko. Da na rera, bakina ya bi kari ya guntule wasalin ba tare da ya shawarce ni ba, sai kalmar ta koma ɗa-rii na lissafi. A magana, karin sauti zai raba su, domin na lissafi da murya ƙasa yake farawa. A rerawa kuwa muryar waƙar takan danne hawa da saukar kalma, tsawon wasalin ne ya rage wa mai sauraro. In ka ja wasalin yadda ya kamata, kari ya karye. In ka guntule, ma'ana ta tafi. Irin wannan tarkon yana nan tsakanin gari da garin tuwo, da fari na launi da fari na farko.

Ban jefar da kalmar ba, wuri na sauya mata. Kalma mai nauyi biyu tana da mazauni ɗaya tak a Mutaƙarabi, wato gurbi na biyu da na uku na ƙafa, muddin an sa mata gajeriya a gaba. Ƙananan kalmomi irin "da", "na", "a" su ne ke wannan aiki. Sai ɗangon ya koma:

Da ɗari da yunwa muke yin shiri

Yankansa: da-ɗaa-rii / da-yun-waa / mu-kee-yin / shi-rii. Ɗari ya samu cikakken tsawonsa, "shiri" ya karɓi amsa-amo tunda shi da gajeriya yake farawa. Ni a ganina ɗangon ma ya fi na farko, don "suna can suna jin" ciko ne kawai, kuma yanzu 'yan dakon ne ke magana da bakinsu.

Daga nan na koyi duba sigar kalma kafin in yi mata gurbi. "Kasuwa" kaa-su-waa ce, gajeriyarta a tsakiya, don haka ba ta zama cikin ƙafa ɗaya, sai dai ta haye biyu: mu-jee-kaa / su-waa. Ba dole ne iyakar kalma ta zo daidai da iyakar ƙafa ba, kuma waƙar da kowace kalmarta ke ƙarewa tare da ƙafa takan gundiri kunne da wuri.

"Makaranta" ta fi wuya, domin gajeru biyu ne a jere a farkonta. A nan zihafi ke shigowa, wato sassaucin da aruli ya yarda da shi. Akwai wanda ake kira ƙabli, inda fa'ulun ke zama fa'ulu, gaɓa ta uku ta koma marar nauyi. Da shi "ina makaranta" ke shiga: i-naa-ma / ka-ran-taa. Kunne yana jin ɗan gaggawa a wurin, amma bugun bai ɓace ba, tunda ƙafar da ta biyo ta fara inda ake jiranta. Nakan ƙyale kaina ƙabli ɗaya a ɗango. In ya yi yawa, mai sauraro ba ya ƙara gane karin da ake kai. Zihafi kuma bai ba ka izinin sa mai nauyi a gurbin farko na ƙafa ba, wanda shi ne abin da ya faru da ɗarina.

Wata kalmar kuwa ba ta da kujera a motar sam. Na so in sa "labari" a baiti na uku, amma laa-baa-rii nauyi uku ne a jere, Mutaƙarabi kuwa ba ya jera fiye da biyu sai gajeriya ta ratsa. Ko ta ina ka juya ta, ɗaya za ta faɗa gurbin gajeriya. Na maye ta da "batu", na wuce. Da a ce labari ne jigon waƙar, kalmar da za ta riƙa dawowa a kowane baiti, da tun farko Mutadaraki zan ɗauka, domin yadda mawaƙan Hausa ke amfani da shi ƙafarsa na iya zama masu nauyi biyu zalla, ko gajeru biyu da mai nauyi ɗaya.

Yanzu idan na gama ɗango, ba na fara rera shi. Nakan faɗe shi tukuna da muryar hira, kamar ina ba wani saƙo, ina buga yatsa a gwiwa, sannan in rera in saurari wasalin da ya sauya tsawo tsakanin faɗa biyun. Inda na fi kama ɓarna shi ne a "ya": na "dare ya yi" dogo ne, na "da dare ya yi" gajere, alhali rubutunsu ɗaya.