Jadawali ba fentin akwatuna ba ne

Shagona yana Marwa, a arewacin Kamaru, kuma tun da aka buɗe jami'a a garin a 2008 ɗalibai da malamai suka zama rabin masu shigowa wurina. Buga takarda kowa yana yi. Aikin da aka san mu da shi daban ne: mutum ya kawo takardar neman kuɗin bincike, ya rubuta lokutan aiki da kasafi a zube kamar wasiƙa, mu mayar masa da lokutan jadawalin Gantt, wato ayyuka a jere da akwatuna masu launi a ƙarƙashin watannin da za a yi kowanne, kasafin kuma mu rubuta masa hujjar kowane layi.

Wani ɗalibin digiri na uku ya kawo tasa a kan noman muskuwari, wato dawar rani, a ƙasar laka da ake kira karal ta yankin Diyamare. Ya rubuta cewa binciken wata goma sha biyu ne, za a fara a Janairu, a tattara bayanai daga wata na uku zuwa na biyar. A karatu babu aibi. Da na jera ayyukan a hagu, na sa sunayen watanni a sama, sai na ce: "Malam, Maris zuwa Mayu me za ka auna a gona?" Ana dashen muskuwari ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Satumba da Oktoba, a girbe a Janairu da Fabrairu. Mun mayar da farawa Yuli, muka raba aikin gona biyu, dashe da girbi, neman izinin hukuma da gaisuwar lawanai da jauro muka ba su layinsu a gaba, tunda ba ka shiga ƙauye da takardar tambayoyi haka kawai. Shi ya sa ba na yarda da "wata na 1, wata na 2" su kaɗai. Sai sunan wata ya fito damina da girbi da azumi suke bayyana.

Masu kwaikwayonmu a bakin jami'a ba su san wannan ba. Su shafa wa akwatuna launi daga sama zuwa ƙasa kamar matakalar bene, kowane aiki wata biyu, su karɓi kuɗi. Ni ba na shafa launi da hannu. Lambar watan farawa a ginshiƙin B, ta ƙarewa a C, lambobin watannin binciken, 1 zuwa 12, a layin farko daga D, sai in sa wa Excel ƙa'idar launi. Injinanmu na Faransanci ne, don haka:

```
=ET(D$1>=$B2;D$1<=$C2)
```

In mai kula da ɗalibi ya ce a matsar da aiki, lamba biyu za a canza, ta farawa da ta ƙarewa, launin ya bi.

Kasafi na koya a hannun wata hajiya mai riƙe asusun wata ƙungiya a Garwa, lokacin ina yaron ofis. Jan biro gare ta. Duk adadin da ta gani dunƙule sai ta zagaye shi ta ce: "Yaro, nawa sau nawa?" Tambayar da nake yi wa kowa ke nan har yau.

Ɗalibin nan ya rubuta masu tambayoyi sefa 800,000, sufuri 500,000, shi ke nan. Gidaje 240 zai bi, da mutum huɗu, kowanne yana gama gida uku a yini. Gida goma sha biyu ke nan kullum, kwana 20. Mutum 4 sau kwana 20 sau 10,000, ya ba da 800,000 daidai, wannan ya tsaya. Sufuri ne ya ƙi: babur biyu, kwana 20, a 7,500 da mai, 300,000 ne. Ragowar 200,000 fa? Ashe zuwansa auna girbi ne a Fabrairu, wanda bai ambata ko'ina ba. Muka ba shi layinsa a kasafi da nasa a jadawali. A sashen hujja muka rubuta dalilin babur maimakon mota, da dalilin mutum huɗu: dashe ba ya jira, mutum biyu za su ci kwana 40. Ƙa'idata ita ce kowane layin kuɗi ya ɗauki lambar aikinsa a jadawali. Kuɗin da ba shi da aiki mai duba takarda zai yanke shi, aikin da ba shi da kuɗi kuma daga aljihunka zai fito.

Bayan duk wannan sai mutum ya ƙirga ya ce shafi uku ne kawai, a yi masa kuɗin bugun shafi uku, wai can gaba jaka ɗaya ake yi. Na daina musu. Ina faɗin farashi tun kafin in buɗe takardar, kuma mai zuwa ya taho da fom ɗin masu ba da kuɗin. In da yuro suke so, canjin a tsaye yake, sefa 655.957, sai mu ƙara ginshiƙi ɗaya.