Hoton fosta da kalmar da haske ya cinye

Jiya da yamma ɗan ƙanwata yana zaune kusa da ni aka turo masa hoton fostar wani shago, wai ya duba rubutun kafin a kai ɗab'i. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ja sama, ya ja ƙasa, ya danna wajen naɗar murya zai fara magana. Ko minti ɗaya bai yi ba. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Kawu, ai layi shida ne kawai." Tawa fostar ma layi shida ce.

Wani abokina ne mai gyaran waya ya turo mini ita, shekarun baya. Mai zane ya buga masa gwaji a takarda mai sheƙi, shi kuma ya jingina ta da bango ya ɗauka a karkace, hasken taga ya kwanta a kusurwar dama ta ƙasa. Abin da na iya karantawa shi ne: a sama da manyan baƙaƙe KWARARRUN MASU GYARAN WAYA, sai "Mu na gyara wayar ku cikin gagawa", sai "Muna saida kayan waya kala-kala masu inganci da nagarta da karko", sai "A na rage wa dalibai kudin gyara", sai sunan wuri da lambar waya.

Ƙananan kurakuran na kama su, kuma har yau ina ganin na yi ƙoƙari a nan. "Mu na" da "A na" a haɗe ake rubuta su, muna da ana, ga shi ma layi na uku ya rubuta "Muna" daidai, alamar hannu ne ke tafiya ba ƙa'ida ba. "Wayar ku" ita ma a haɗe take, wayarku, domin gajeren wakilin mallaka manne yake da sunan. "Gagawa" ta rasa g ɗaya, gaggawa ce. "Saida" na mayar da ita "sayar da", don mai karatu kada ya ɗauka "sai da" ake nufi. Ɗalibai da kuɗi da ƙarko na saka musu lanƙwasa. Duk wannan na faɗe shi da baki a saƙon murya, ina tafe a hanya.

Daga nan na shiga gyaran salo, inda nake jin ni gwani ne. Inganci da nagarta da ƙarko kusan abu guda suke faɗa, na ce a bar ɗaya. Wannan daidai ne. Layin ɗalibai kuwa na ce ya yi tsawo, a mayar da shi "Ragi ga ɗalibai", a ƙara masa girma. Abin da ban sani ba, layin bai ƙare a "gyara" ba. Ƙarƙashin farin hasken nan akwai "ranar Asabar kawai". Na ga farin, na ɗauka fili ne. Mai zane ya bi maganata ya goge layin gaba ɗaya, abokina ya amince tunda "malam ya duba", aka buga babba aka kafe. Alkawarin rana ɗaya a mako ya koma na kullum, ɗalibai suna nuna masa fostarsa da yatsa. Ƙarshe dai ya lulluɓe layin da takarda, daga baya ya sake biyan ɗab'i.

Na daɗe ina cewa laifin hoton ne. Kuma da gaskiyata, wa ya aike shi ɗaukar takarda mai sheƙi a gaban taga? Sannan manhajar tura saƙo tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, ƙananan baƙaƙe su dushe. Shi ma yana da ido, me ya hana shi karanta ta ƙarshe? Amma akwai shaida a gabana da na ƙi gani: sauran layukan a tsakiya suke zaune, wannan kaɗai ya karkata hagu, gefen dama fayau. Layin da aka daidaita a tsakiya ba ya yin haka sai in wani ɓangarensa ya ɓuya.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne kanun. KWARARRUN ya fita yadda yake, da K mara lanƙwasa, baƙi mafi girma a fostar. Ƙwarewa daban, kwarara daban, kamar ƙaya da kaya ko ɗaki da daki. Na tsinci lanƙwasar ƙananan layuka na tsallake wadda ake hangowa daga tsallaken titi, domin ido ba ya karanta kanu, gane siffarsa yake yi ya wuce. Lanƙwasar da na faɗa da baki ma ba ta isa lafiya ba. Salon baƙaƙen da mai zanen ya zaɓa ba shi da ɗ, kwamfutar ta aro daga wani salon, sai ɗ ɗin "ɗalibai" ya fito siriri tsakanin masu kauri kamar bare. Tun shekarun 1930 ake buga ƙ da ɗ da ɓ a boko, amma har yanzu sai ka tambaya ko salon rubutun yana da su, manya da ƙanana.

Na yi niyyar jero wa yaron nan ƙa'idoji goma. Da na buɗe baki, kaɗan suka fito.

Kada ka yi gyara a kan hoto. Kwafe shi tukuna, layi-layi, da kurakuransa yadda suke, ka sa wa kowane layi lamba. Hannu mai kwafa ba ya tsallake kanu. Inda haske ko inuwa ko gefen hoto ya taɓa rubutu, rubuta "ban gani ba" ka nemi wani hoton: a shimfiɗa takardar, a tsaya saitinta, a kashe fitilar kyamara, kusurwa huɗun duk su fito, a turo shi a matsayin fayil don kada a matse. In mai zane zai ba da rubutun kansa, ya fi. Ku yaran yanzu sai ku ce wannan ɓata lokaci ne, ku da ke iya kallon bidiyon banza awa guda.

Gyaran ka mayar da shi a rubuce: layi na 2, an rubuta "gagawa", a sa "gaggawa". Murya ba ta nuna inda aka raba kalma, "ga shi" da "gashi" duk ɗaya za su iso wa mai bugawa. Lambar waya kuma ba a karanta ta, kiranta ake yi a ji wa zai ɗauka.

Batun salo, na ce masa kada ya taɓa maganar mai shago, nasa kuskuren rubutu ne kawai. Ya nuna mini layi na uku na tasa fostar, sifofi huɗu a jere, na ce yanke uku. Ya yi dariya, wai yanzu na hana. To, sifa ka yanke ta, ba mai zuwa shago ya yi rigima a kan "nagarta". Amma rana, lokaci, adadi, da ƙananan kalmomi irin su "kawai", "banda", "sai", "har zuwa", waɗannan sharuɗɗa ne, na mai shago ne. Ka raba saƙonka biyu, kurakurai a sama, shawarar salo a ƙasa, ya zaɓa da kansa. Kuma ka ce sai ka ga ta ƙarshe kafin a buga.

Ya ɗauko biro da tsaki ya fara kwafa. A layi na biyar ya tsaya, ya matso da wayar kusa da fuskarsa, ya ce, "Kawu, wannan 3 ce ko 8?" Na ce ni ma ban gane ba, kira lambar duka biyun.