Takardar Da Na Bar Wa Magajina A Sashen Kimiyya

Da takardar canjin wurin aiki ta fito, firinsifal ya ce ba zai sallame ni ba sai na miƙa sashen kimiyya a rubuce ga malamin da zai gaje ni. Yawancin irin takardun nan shafi ɗaya ne: sunayen malamai, yawan kujeru, sai fatan alheri. Duk wannan yana fayil ɗin ofis. Ni abin da yake kaina kaɗai na zauna na rubuta, wanda in na tafi ya tafi.

Kayan ɗakin gwaji na fara da su, kuma ban yarda na kwafo daga littafin sito ba. Na ce masa, “Malam, zo mu ƙirga tare.” Littafi ya ce buret, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake auna ruwan sinadari da shi, guda ashirin ne, kuma ashirin ɗin muka tarar a kan kanta. Amma da muka cika su da ruwa muka bar su tsaye, shida suna ɗiga ta famfo. Sai muka rubuta sha huɗu masu aiki, shida na jiran gyara. Da ya sa hannu a kan ashirin, ranar firaktikal shi za a tuhuma.

Sinadarai sun fi cin wuri, domin kwalba cike ba ta nufin abin cikinta yana da rai. NaOH yana zuƙar danshi da iskar kabon, shi ya sa na rubuta masa kada ya amince da ruwan da na haɗa tun zangon baya. Ya haɗa sabo, ya auna ƙarfinsa. AgNO3 kuwa haske ke lalata shi, in ya ga ya yi duhu to ya tashi aiki. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don WAEC kan aiko wa makaranta umarnin sirri kan abin da za a tanada kafin firaktikal, kuma malami kan yi gwajin da kansa ya rubuta sakamakonsa, a gwada na ɗalibai da shi. Na nuna masa wurin wa umarnin yake sauka, da mako nawa kuɗin sayayya kan ɗauka kafin su fito.

Daga nan sai aikin da bai ƙare ba: ajin da ke baya a manhaja da darasin da aka tsaya, da makin gwajin zango na 'yan SS2 da malami ɗaya bai kawo ba, alhali za a buƙace shi wajen yi musu rajista.

Halin malamai ban sa shi a takarda ba. Takarda fayil take shiga, kowa na iya buɗewa. Wannan a baki muka yi shi bayan la'asar.

Kwafi uku muka yi, ni da shi muka sa hannu a gaban firinsifal, shi ma ya sa nasa, da kwanan wata. Makullan sito da na kabad ɗin asid ma sai da aka rubuta adadinsu kafin na miƙa.